Ɗalibin da Ya Samu 40 Cif: Ya Ci ko Ya Faɗi?

A jami'o'in Najeriya da yawa tsarin ba da maki sananne ne: daga 70 zuwa 100 A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya gaza 40 kuma F, wato faɗuwa. Wasu sun soke E sun mayar da makin ci 45, amma bari mu tsaya a kan tsarin 40. A da malami ne ke zama da biro yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Yanzu galibi jami'in jarrabawa ne ke zuba maki a cikin Excel, ya rubuta ƙa'ida sau ɗaya a layin farko, ya ja ta ƙasa, ta yanke wa ɗalibai 300 hukunci kafin ya ɗaga kofin shayi.

Ga wata ƙa'ida irin wadda ake rubutawa, idan jimillar makin tana cikin gidan D2:

```
=IF(D2>40,"PASS","FAIL")
```

Wanda ya rubuta ta zai so ya tabbatar tana aiki. Sai ya duba mai 75, ya ga ta ce ya ci. Ya duba mai 22, ta ce ya faɗi. Ya ƙara da mai 58, nan ma daidai. Hankalinsa ya kwanta. Alhali ƙa'idar tana da kuskure, kuma ko ɗalibai 50 ya duba ta wannan hanya, mai yiwuwa ne ba zai gan shi ba. Alamar `>` na nufin "ya fi". Dokar makaranta kuwa cewa ta yi "40 ko sama da haka", wanda alamarsa ita ce `>=`. Tsakanin 0 da 100, a maki ɗaya tak waɗannan alamomi biyu suke saɓawa, wato a kan 40 cif. Duk wanda ya samu 40 wannan ƙa'ida za ta kayar da shi, ta bar sauran ajin lafiya lau.

Kada a ɗauka mai 40 cif ba ya cika samuwa. Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san yadda malamai ke tausaya wa mai 38 ko 39, su sake leƙa takardarsa ko za a samu inda za a ƙara masa ɗaya ko biyu. Saboda haka maki kan taru a kan iyaka fiye da yadda mutum zai zata. Inda ƙa'idar ta fi rauni, nan ne mutane suka fi cunkoso.

Masu gwada manhajar kwamfuta sun daɗe da sanin wannan, har suna da hanya ta musamman da suke koyarwa a kai. Tushenta mai sauƙi ne. Idan ƙa'ida ta raba lambobi rukuni-rukuni, duk lambobin da ke tsakiyar rukuni ɗaya hali ɗaya gare su: abin da ya samu 75 shi zai samu 82, don haka gwada su biyun ɓata lokaci ne, ɗaya ta wadatar. Kuskure a bakin iyaka yake ɓuya, kamar yadda rigimar gona ba a tsakiyar fili take tashi ba, a kan gyauron kunyar da ta raba ta da ta maƙwabci ne. Don haka a kowace iyaka ana gwada lambobi uku: ta ƙasa da ita kaɗan, ita kanta iyakar, da ta sama da ita kaɗan. A nan, 39 da 40 da 41.

Akwai sharaɗi guda da mutane ke yawan tsallakewa. Kafin ka shigar da lambar, sai ka rubuta amsar da kake tsammani a gefe, daga littafin dokar makaranta, ba daga allon kwamfuta ba. Ka rubuta: 39 faɗuwa, 40 ci, 41 ci. Sannan ka shigar, ka kwatanta. Idan ka fara kallon abin da kwamfuta ta fitar, zuciyarka za ta nema masa hujja, ka ce ai haka ya kamata. Da wannan gwaji na layi uku, kuskuren da ke sama zai fito a cikin minti ɗaya.

Yanzu mu ɗauki cikakkiyar ƙa'idar, wadda aka riga aka gyara mata alamomi:

```
=IF(D2>=70,"A",IF(D2>=60,"B",IF(D2>=50,"C",IF(D2>=45,"D",IF(D2>=40,"E","F")))))
```

Iyakoki biyar ne a ciki: 40, 45, 50, 60 da 70. Uku-uku a kowace, gwaji 15 ke nan, kuma wannan ƙa'ida za ta tsallake su duka. Sai dai akwai wasu iyakoki biyu da ba a rubuta ba, farkon ma'auni da ƙarshensa. Maki 0 ya kamata ya ba da F, 100 ya ba da A, kuma haka suke yi. To, 101 fa? Ko 720, idan yatsa ya zame wajen buga 72? Ƙa'idar za ta ba su A ba tare da ta yi ko tari ba, domin abin da aka tambaye ta kawai shi ne ko lambar ta kai 70. Ƙa'ida mai kyau ƙin karɓar irin wannan lamba take yi, ta nuna cewa akwai abin dubawa.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne ɗalibin da bai zauna jarrabawar ba. An saba a rubuta ABS a gaban sunansa. A wurin Excel, idan aka kwatanta rubutu da lamba, rubutu ne a sama kullum, komai girman lambar. Saboda haka da aka tambaye ta ko ABS ya kai 70, amsarta i ce, kuma wanda yake gida kwance ranar jarrabawa zai fito da A. Idan kuma an bar gidan babu komai, za ta ɗauke shi a matsayin 0 ta ba shi F, alhali wataƙila rashin lafiya ce ta hana shi zuwa, ko makinsa ne bai iso daga malami ba. Mai 0 da wanda ba shi da maki ba ɗaya ba ne a dokar makaranta. Maganin shi ne a fara tambayar ko abin da ke gidan lamba ce, da `ISNUMBER(D2)`, kafin a shiga rabon haruffa.

Sai batun ɗigo, wanda a ganina ya fi duk sauran wuya, domin a nan laifin ba na mai rubuta ƙa'ida ba ne. Teburin maki ya ce F daga 0 zuwa 39, E daga 40 zuwa 44. Ina mazaunin 39.5? Teburin bai faɗa ba, saboda wanda ya tsara shi cikakkun lambobi ne a ransa. Amma da zarar an raba maki gida biyu, 30 na gwajin cikin zango da 70 na jarrabawa, rabin maki zai shigo.

A ce ɗaliba ta samu 14.5 a gwajin zango da 24.5 a jarrabawa. Idan aka haɗa su tukuna, jimilla 39 ce, ta faɗi. Idan aka cike kowanne kafin a haɗa, 15 da 25 ne, jimilla 40, ta ci. Ɗaliba ɗaya, takarda ɗaya, hukunci biyu, kuma babu wanda ya yi maguɗi. Wata kuma ta samu 15 da 24.6, jimilla 39.6. Idan an saita gidan ya riƙa nuna lamba babu ɗigo, ido zai ga 40 a kan allo da kuma a takardar da aka buga, amma ƙa'idar da 39.6 take aiki, don haka F za ta rubuta. Wannan ita ce alamar da ake gane matsalar da ita: a jerin sakamako ka ga mutum biyu kowanne da 40, ɗaya E ɗaya F. Idan ka ga haka, danna gidan ka ƙara yawan lambobin bayan ɗigo, gaskiya za ta fito. Ko cikewar ma ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A Excel, `ROUND(44.5,0)` 45 yake bayarwa, amma a harshen Python `round(44.5)` 44 ne, domin shi idan lamba ta tsaya rabi cif yana karkata zuwa wadda ke rabuwa biyu. Makarantar da ta kwashe sakamako daga wannan zuwa wancan ba tare da gwaji ba tana iya mayar da D ya zama E.

Gwajin iyaka ba zai gaya maka ko 39.5 ci ba ne. Abin da zai yi shi ne ya tona cewa ba a taɓa yanke shawara a kai ba. Wannan shawara ta majalisar malamai ce ko hukumar makaranta, ba ta jami'in da ke gaban kwamfuta ba, kuma a rubuce ya kamata ta kasance: a cike ko kada a cike, a wane mataki, zuwa lamba nawa bayan ɗigo. Lokacin yin ta kuwa shi ne kafin a ga sunan kowa. Da zarar an san cewa mai 39.5 ɗan wane ne, ko wace hanya aka bi sai an yi zargi.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana wannan a babban mataki. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 doka ta ce mai nasara sai ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a cikin aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa abin da ya samu ya ɗan gaza kashi 20 cikin 100. Ɓangaren Cif Obafemi Awolowo suka ce biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne, domin ba a yanka jiha. Ɓangaren Shagari suka ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ta 13. Sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar Shagari kwanaki kaɗan kafin a rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Da an ɗauki 19 an raba ta uku tun ranar da ake rubuta dokar, da an ga ramin tun ba a san wanda zai faɗa ciki ba.

Ga jami'in jarrabawa aikin bai kai haka nauyi ba. Ya buɗe shafi na daban, ya jera ɗalibai na ƙarya kamar 25: uku a kowace iyaka, sai 0 da 100, sai 101 da lamba mai alamar ragi, sai 39.4 da 39.5 da 39.6, sai ABS da gidan da babu komai. A gaban kowanne ya rubuta amsar da doka ta ce, a gefe kuma ya sa ƙa'idar ta fitar da tata. Kada ya goge wannan shafi bayan ya gama. Ranar da aka mayar da makin ci 45, ko aka sauya rabon 30 da 70 ya koma 40 da 60, ko wani ya taɓa ƙa'idar don gyara wani abu daban, sai ya sabunta amsoshin da dokar ta shafa, ya sake bi ta kan layukan nan kafin ya zuba makin ɗalibai na gaske.