Ƙarfe Huɗu na Wane Gari?

Duk wanda ya tashi da sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon waje ya san yadda suke faɗin lokaci: ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Mai gabatarwa ba ya taɓa barin adadin shi kaɗai, domin ya san mai sauraro na Kumasi da na Kano ba agogo ɗaya suke dubawa ba. Yau kuwa kusan kowa ya zama mai sanar da lokaci ga mutanen da ke wata ƙasa. Sakataren ƙungiyar 'yan gari, ɗan kasuwa mai wakili a Guangzhou, malami mai karatu ta Zoom, duk suna rubuta "ƙarfe 4 na yamma" su tura, kuma wutsiyar nan da 'yan rediyo ba sa yarwa ita ce ta fi saurin faɗuwa.

Za a iya cewa sakaci ne, amma ina ganin abin ya fi haka. Yawancin masu wannan kuskure sun san akwai bambancin lokaci tsakanin ƙasashe. Abin da ke yaudararsu shi ne sun daɗe suna rubuta lokacin haka ba tare da wata matsala ta faru ba.

Dalilin farko yana cikin inda muke zaune. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da GMT, kuma ba ya motsi rani da damina. Mutum zai yi shekaru yana hulɗa daga Kano zuwa Maraɗi, daga Garwa zuwa Injamena, bai taɓa buƙatar tambayar ƙarfe nawa ne a can ba. Sai ya ɗauka ƙarfe huɗu dai ƙarfe huɗu ne. Da an gota wannan yanki sai lissafi ya sauya: Ghana tana kan GMT, wato awa ɗaya baya da Kano, Sudan, tun daga Nuwamba 2017, awa ɗaya take gaba da Kano, Saudiyya awa biyu, Dubai uku, Sin bakwai. Waɗannan ma da sauƙi, domin tazararsu a tsaye take, idan ka haddace sau ɗaya shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasashen da ke juya agogonsu sau biyu a shekara, kuma Birtaniya ta fi kowa ruɗin Bahaushe. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Landan tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da na Kano. Wata bakwai cur babu bambanci ko na minti ɗaya. A cikin waɗannan watanni, lokacin da aka rubuta ba tare da ambaton gari ba yana aiki lafiya lau, har ya zama al'ada. Ranar da Landan ta koma kan GMT, saƙon nan ɗaya, da kalmominsa ɗaya, sai ya koma yana nufin lokaci biyu.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar dangi tana zama ta waya duk Lahadi don tara kuɗin karatun yara. Sakatare yana Landan, shugaba yana Kano, akwai inna a Kumasi, akwai ƙane a New York, akwai kawu a Jidda. Tun watan Mayu 2025 sakatare yake tura saƙo ɗaya: "Zama ranar Lahadi ƙarfe 4 na yamma." Kowa ya gano nasa lokacin tun makon farko, ya riƙe. Har zuwa Lahadi 19 ga Oktoba, ƙarfe 4 a Landan ƙarfe 4 ne a Kano, 3 a Kumasi, 6 na yamma a Jidda, 11 na safe a New York.

Da asubar 26 ga Oktoba aka mayar da agogon Birtaniya baya. Wayar sakatare ta gyara kanta yana barci, bai ji komai ba, ya tura saƙonsa na kullum. Shugaba a Kano ya shiga ƙarfe 4, inna ta shiga ƙarfe 3 nata, kawu ƙarfe 6, ƙane ƙarfe 11. Su huɗun sun haɗu, domin duk lokaci guda suka riƙe. Wanda babu shi ne mai littafin lissafi, domin a Landan ƙarfe 3 ne ya buga, yana kan hanyar gida. Suka jira, aka ɗan yi hira, kawu ya yi sallama. Da sakatare ya buɗe zama a ƙarfe 4 nasa, ƙarfe 5 ne a Kano, 4 a Kumasi, 7 a Jidda daf da Isha'i, sha biyun rana a New York. Kowane ɓangare ya zo a kan lokaci, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya saɓa alkawari.

Ƙanen New York ne ya fi shan wuya. A ce an daidaita cewa agogon Landan za a bi, shi kuma ya rubuta a takarda: sha biyun rana. Amurka ba ta juya agogonta rana ɗaya da Birtaniya, ita sai Lahadin farko ta Nuwamba. Ranar 2 ga Nuwamba New York ta ja nata baya, ƙarfe 4 na Landan ya koma ƙarfe 11 na safe a can. Gyaran da ya yi makon jiya shi ne zai sa ya makara da awa ɗaya a wannan makon. Shugaba a Kano kuwa ƙarfe 5 ya zama lokacinsa har ƙarshen Maris, ko da bai motsa ko'ina ba.

Waya ma tana da hannu, ta hanyar da ba a cika lura ba. A WhatsApp, ɗan lokacin da ke gefen kowane saƙo yana fitowa ne da agogon mai karatu: saƙon da aka tura ƙarfe 9 a Jidda zai nuna ƙarfe 7 a wayar Kano. Wannan yana sa mutum ya ji kamar na'urar ta ɗauke masa nauyin lissafi gaba ɗaya. Amma abin da aka rubuta a cikin saƙon ba ta taɓa shi, ƙarfe 4 zai isa ko'ina a matsayin ƙarfe 4. Gayyatar da aka yi ta kalandar waya ce ke ɗauke da yankin lokaci a cikinta, ta nuna wa kowa nasa. Ita ma da zarar wani ya ɗauki hoton allonsa ya tura wa jama'a, ta zama rubutu kamar kowane rubutu, da agogon mai hoton.

Wasu suna ƙoƙarin ambaton yanki, amma sai su yi shi ta hanyar da ke ƙara dagula lissafi. Mazauna Birtaniya da yawa suna rubuta GMT rani da sanyi suna nufin agogon Landan. Mutumin Kano da ya ga "ƙarfe 4 GMT" a watan Yuli ya yi lissafi na gaskiya, ya ƙara awa ɗaya, zai shiga ƙarfe 5 ya tarar an tashi. A nan mai sani ne ke faɗawa rami, wanda bai damu da haruffan ba ya tsira. Gajerun sunaye ma ba abin dogaro ba ne ko yaushe: CST na iya nufin agogon Sin ko na tsakiyar Amurka, kuma a lokacin sanyi awa 14 ne tsakaninsu.

Sai kuma namu na gida, wato "bayan La'asar" ko "bayan Isha'i". A gari ɗaya babu lokacin da ya fi wannan tabbas. Amma salla rana take bi, rana kuwa tana ɗaukar minti huɗu kafin ta ƙetare kowane digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kaɗai akwai kusan digiri takwas, wato kimanin rabin awa, alhali agogonsu ɗaya. A Landan Magariba tana wuce ƙarfe 9 na dare a watan Yuni, a Disamba kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe 4.

Akwai alamun da ke nuna cewa agogo ne ya raba mutane. Idan wanda aka san shi da cika alkawari ya makara ko ya yi sammako da awa ɗaya daidai, babu ragi babu ƙari, a duba kalanda, yawanci za a ga ƙarshen Oktoba ne ko watan Maris. Idan kuma saɓanin ya ninka tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu, to lissafi aka yi a juye: mutumin Kano da aka ce masa ƙarfe 5 agogon Jidda, maimakon ya rage awa biyu ya samu ƙarfe 3, sai ya ƙara ya samu 7, ya makara da awa huɗu. Wani lokaci ranar ce ma ke sauyawa, domin ƙarfe 9 na daren Juma'a a New York a watan Janairu, ƙarfe 3 ne na daren da zai waye Asabar a Kano.

A ganina kuskuren awa ɗaya ya fi na awa bakwai ɓarna. Wanda aka ce masa ƙarfe 10 na safe daga Guangzhou zai tsaya ya yi tambaya, domin ya san nisan. Awa ɗaya kuwa tana kama da makara ta yau da kullum, don haka ba a zargin agogo, mutum ake zargi. Kuma zargin ba ya faɗawa daidai-wa-daida. Agogon wanda ya kira zama shi ake ɗauka a matsayin na gaskiya, mai kiran zama kuwa galibi shi ne mai ɗaukar aiki ko mai ba da tallafin karatu. Matashin da ya sayi data, ya yi cajin waya, ya shiga ganawar neman aiki bayan awa ɗaya da tashi, da wuya a ba shi damar bayani; an riga an jefa shi cikin tsohuwar maganar nan cewa mutanen Afirka ba sa mutunta lokaci. A zaman dangi hasarar ba ta kai haka ba, amma shawarar da aka yanke babu kawu tana iya zama magana har salla ta zagayo.

Ambaton gari ya fi komai sauƙi kuma ya fi haruffa aminci: "Lahadi 9 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma agogon Kano, wato 4 a Landan da Kumasi, 7 a Jidda, 11 na safe a New York." Sai dai ga zaman da ake maimaitawa, wannan layi ba ya wadatarwa, dole a zaɓi garin da aka ɗaure zaman da shi, domin babu yadda za a yi kowa ya riƙe lokacinsa duk shekara. Idan an ɗaure da Landan, mutanen Kano da Kumasi da Jidda, waɗanda agogonsu bai taɓa motsi ba, su ne za su riƙa sauya lokaci sau biyu a shekara. Idan an ɗaure da Kano, masu juya agogo ne kaɗai za su sauya, kowa a ranar da ƙasarsa ta juya, kuma ni wannan na fi gani da adalci. A 2026 ranar matsar da agogo a New York ita ce 8 ga Maris, Landan sai 29 ga wata, don haka ƙungiyar da ta zaɓi Landan za ta yi Lahadi uku a jere ƙanen New York yana shiga da sha biyun rana kafin ya koma ƙarfe 11.