Lu'ulu'un Masana'anta da na Haƙa: Ina Bambancin Yake?

Lu'ulu'un da ake yi a masana'anta ba jabu ba ne. Shi da wanda ake haƙowa a Botswana ko Rasha duk sinadarin kabon ne zalla, taurinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya. Na haƙa ya samu ne a can ƙarƙashin ƙasa tun shekaru miliyoyi da suka wuce. Na masana'anta kuwa cikin 'yan makonni ake rainonsa daga ɗan ƙwayar iri, ko dai da matsi da zafi mai tsanani, ko kuma a cikin tukunyar iskar gas inda kabon ke taruwa a kan irin kaɗan-kaɗan. Sin da Indiya ne kan gaba a wannan sana'a.

Ido ba ya raba su, ko da na ƙwararren maƙerin zinare ne. Ɗan na'urar gwajin da ake gani a shaguna ma zafi take aunawa, don haka dukansu za ta ce lu'ulu'u ne. Sai dakin bincike ne ke gane yadda ƙwayar ta girma da kuma ɓurɓushin ƙarfen da hanyar matsi kan bari a ciki. Abin da mai saye zai iya dubawa shi ne takardar shaida ta GIA ko IGI, da ƙaramin rubutun da aka zana a gefen dutsen, wanda sai da madubin ƙara girma ake karanta shi.

A farashi ne tazarar take. A 2018 kamfanin De Beers ya fito da lu'ulu'un masana'anta mai suna Lightbox a kan dala 800 kowane karat, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. A 2024 ya sauke zuwa dala 500, a 2025 ya sanar da rufe harkar. Dalili a fili yake: duk wanda ya ƙara injina ya ƙara kaya, alhali ramin haƙa yana da iyaka.

Wannan faɗuwar ce ke kashe darajarsa idan an zo sayarwa. A ɗauka mace ta sayi zobe mai karat ɗaya na masana'anta a 2018. Yau dillali yana samun sabon irinsa a kan sari da kuɗi ƙalilan, saboda haka ba shi da dalilin taya nata. Sau da yawa zinaren zoben kawai zai auna ya biya. Da na haƙa ne, zai taya, amma yawanci ƙasa sosai da abin da ta biya, domin ribar shago ta tafi tun ranar ciniki. Wadda ta saba ajiye zinare don ranar buƙata ta sani cewa ko na haƙan bai kai zinare riƙe kuɗi ba, tunda shi ba a sayar da shi a kan farashin giram da kowa ya sani.