Albashin naira 90,000 a Sakkwato: jikka nawa ke isowa Tsarnawa?

Labarin da na kawo muku a wannan fitowa ya faru ne cikin ƙungiyarmu ta asusu a ƙarshen shekarar 2024, bayan girbi. Wadda abin ya shafa ta yarda in rubuta, amma ta ce kar in faɗi sunanta.

Ranar zubi ce. Mun gama ƙirga kuɗi, an rufe akwati, sai wata ƙanwarmu da mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya uku ta ce tana da magana. Wata ƴar uwarta da ke aure a Sakkwato ta samo mata aikin girki a wani gidan abinci, albashi naira 90,000 a wata. Nan take wuri ya ɗauki guɗa. Wata tsohuwa daga cikinmu ta riƙe baki ta ce: "Dubu tis'in! Ɗiyata, mi kike jira? Tashi ki ɗaure kaya." Ita kuma abin da ya kawo ta shi ne ƙungiya ta ranta mata kuɗin kama ɗaki.

Ni ke riƙe da kaye, don haka na ce a dakata mu yi lissafi tukuna. Ba don na fi kowa wayo ba. Na dai ga mata da yawa sun ƙetara iyaka da murna, bayan wata shida sun komo da bashi.

Abu na farko, kunnenmu ya saba da sefa. In aka ce dubu tis'in, zuciya na jin jikka tis'in. To naira ba sefa ba ce. Washegari na aiki ɗana Konni wajen ƴan canji, na ce ya tambayi mutum uku, kuma ya tambayi farashi biyu: nawa suke sayen jikka, nawa suke saida ta. Ya komo ya ce in ka kawo jikka guda za su ba ka naira 2,600, in kuwa naira gare ka kana son jikka, sai ka ba da 2,700. Ɗarin da ke tsakani ita ce ribar ɗan canji. Mai aiki a Najeriya naira take kawowa tana neman sefa, saboda haka farashi mai tsadan ne nata. Mun raba 90,000 da 2,700, ya ba mu jikka 33 da ƴan kai.

Murna ta ragu, amma ba ta ƙare ba, don ƙanwar tamu ƙosai da fanke take soyawa bakin hanya, kuma in an fidda uwar kuɗi ribarta ba ta wuce jikka 25 a wata. Sai mata suka ce ai 33 ta fi 25. A nan ne mafi yawanmu ke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake. Ba duka albashin za ta kai wa ɗan canji ba. Kaso babba can za ta cinye shi, da farashin can. Abin da ya rage bayan ta ci, ta kwana, ta hau abin hawa, shi kaɗai ke ƙetaro iyaka ya zama sefa.

Sai muka kira ƴar uwar tata a waya, na ce: "Hajiya, don Allah bar zancen albashi, gaya mini abin da mace guda ke kashewa a unguwarku." Ta yi dariya ta ce ba wanda ya taɓa yi mata wagga tambaya. Muka bi abu ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Ɗaki guda cikin gidan haya, in an raba kuɗin shekara, ya kama naira 15,000 a wata. Abinci, ko da za ta ci na rana a wurin aiki, 35,000. Keke mai ƙafa uku zuwa da dawowa wajen 10,000. Ruwa, sabulu, kuɗin waya da ɗan magani 8,000. Jimla 68,000. Saura naira 22,000, wato jikka 8 da ɗan abin da bai kai dala talatin ba.

Daga nan muka yi wa Tsarnawa irin wannan lissafi, don ba a auna gefe guda a bar guda. Nan ba ta biyan haya, ɗakin mijinta take. Hatsi na cikin rumbu, ko bai kai shekara ba yana kai ta wani wuri. Ƙafa take takawa zuwa wurin suya. Abin da take kashe wa kanta da tsabar kuɗi bai wuce jikka 10 ba, sauran jikka 15 su ke tafiya ga ɗiya, da lakkol, da zubi. Ga shi nan a fili: a gida jikka 15 ke isa ga yara, daga Sakkwato jikka 8. Wuri ya yi tsit.

Ga kuma zancen haya. A biranen Najeriya mafi yawan masu gida kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya. Naira 180,000 ke nan, kusan jikka 67, kuma su ne take son mu ranta mata. Da jikka 8 a wata, sai ta yi fiye da wata takwas tana biya, ba a sa riba ba, yara ba su ga ko dala ba.

Wata ta ce to ai kaya sun fi araha a Najeriya, shi ya sa muke zuwa cin kasuwar Illela ta can. Da gaskiyarta ga wasu kaya. Amma arahar da muke gani, mu masu sefa a hannu muke ganinta. Wadda ake biya da naira ba ta ganin araha ko kaɗan. Kuma in za ku gwada farashi, ku lura da ma'auni. Kwanon awo na wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da tiyarmu ba, kuma buhu suna ya tara. Ku gwada abin da ba ya canzawa, kamar lita ko kilo. Misali esansi: a nan gwamnati ta maido lita tamma 499 a watan Yuli na 2024, wanda a canjin ranar nan ya kama naira 1,350 ko kusa, alhali a Najeriya lita ta ɗan haura naira 1,000 a watan Oktoba na shekarar. A lokacin ya fi araha can, amma ba kamar da ba, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, kafin shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Tun daga ranar kuɗin mota da na abinci suka tashi a can.

Akwai wani gwaji da ya ba mata mamaki. A 2024 Najeriya ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000, Nijar kuma nata yana jikka 42. A kunne 70 ta fi 42. A teburin ɗan canji naira 70,000 ba ta cika jikka 26 ba.

Abin da ya fi damuna ni, mai riƙon kaye, shi ne canji ba ya zama wuri guda. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro guda tamma 655.957, haka yake tun 1999. Ita ma ta taɓa faɗuwa, manyanmu na tune da watan Janairu na 1994 da aka raba darajarta biyu, amma tun daga nan ba a sake ba. Naira kuwa an sake ta a watan Yuni na 2023 kasuwa ke yanka mata farashi. Dala ta Amurka da ke wajen naira 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk mai zuwa Konni ta san lokacin da jikka ba ta kai naira 1,500 ba. Zubinmu dala ɗari ne kowane mako, jikka 2 a wata. Lokacin da jikka ke naira 1,200, naira 2,400 ta ishi mai aiki a can ta biya zubi. A canjin 2,700 sai ta kawo 5,400, kuma mai gidan aiki ba ya ƙara albashi don canji ya tashi. Bashin ƙungiya da sefa aka rubuta shi, da sefa za a biya. Shi ya sa nake jin tsoron ranta wa mace sefa in da naira za ta samo abin biya.

Ban da haka iyakar kanta na rufewa. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Konni ba, amma a waɗannan watanni aiko da kuɗi ko zuwa ganin yaro marar lafiya sai ta hanyar daji, da tsada.

Ba mu ce mata kar ta tafi ba. Mun duba kaye muka ga haya, abinci da keke su suka cinye naira 60,000. Sai muka ce Hajiya ta koma ta tambaya ko akwai wurin kwana a gidan aikin, da ci sau uku. Bayan kwana huɗu amsa ta zo: akwai ɗaki da mata biyu ke kwana, za a ba ta abinci, amma albashi ya koma 70,000. Ƙanwar tamu ta ɓata rai, ta ce an rage mata dubu ashirin. Na ce: "Ƙanwata, zo mu sake bugawa." Ƙananan buƙatu 8,000, muka ware 7,000 na mota don ta riƙa leƙo yara, saura 55,000. A canjin 2,700 jikka 20 ke nan da ƴan kai. Albashin da ya fi ƙanƙanta ya fi babban kawo kuɗi gida fiye da ninki biyu, kuma ba bashin haya.

Duk da haka jikka 5 kacal ta ɗara abin da take samu a gida, ga rabuwa da ɗiya. Wannan ba kaye ke yanke shi ba, ita da mahaifiyarta suka zauna. Abin da na ƙara mata shi ne lamba guda da za ta riƙe a ka. Mun raba 55,000 da jikka 15 da take samu a gida, ya ba mu kusan 3,700. Ranar da ɗan canji ya ce jikka ta kai naira 3,700 kuma albashi bai motsa ba, zamanta can bai fi kaskon suyarta ba.

Ta tafi a farkon sanyi. Mun yi da ita ba za ta tara naira ba, duk ƙarshen wata za ta canza abin da ya rage ta aiko, mahaifiyarta ta kawo zubi. Kaskon suya kuma ba ta saida ba, ta ba ƙanwar mijinta aro. A shafinta na kaye na buɗe sabon layi, inda nake rubuta canjin ranar da kuɗinta suka iso.