Shafi Ɗaya, Magana Ɗaya: Yadda Ake Tsara Bayanin Neman Jari

A wajajen 2008, matasa uku a birnin San Francisco na Amurka, wato Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk, suna yawon neman wanda zai zuba kuɗi a wata dabara da mutane da yawa suka ɗauka shirme ce: matafiyi ya biya kuɗi ya kwana a gidan wanda bai taɓa sani ba. Kamfanin nasu shi ne ake kira Airbnb a yau. Shafukan da suka riƙa haska wa masu zuba jari a allon majigi suna nan har yanzu, ana koyar da su, kuma duk wanda ya duba zai fara lura da ƙarancin rubutun da ke ciki.

Shafin farko sunan kamfani ne da jimla guda a ƙarƙashinsa, mai cewa mutum ya kama ɗaki a wurin 'yan gari maimakon otal. Na biyu ya faɗi matsalar a layi uku gajeru: tsada tana damun matafiya, otal yana raba baƙo da rayuwar garin da ya je, kuma babu hanya mai sauƙi ta samun ɗaki a gidan wani. Shafin da ya fi burge ni shi ne wanda ya amsa tambayar da ke bakin kowane mai kuɗi, wato ta ina riba za ta fito. Jimla ɗaya ce a sama: suna karɓar la'adar kashi 10 cikin 100 a kan kowane ciniki. Ƙarƙashinta 'yan alƙaluma ne manya-manya, shi ke nan. A 2009 suka samu jarin kusan dala 600,000, akasarinsa daga Sequoia Capital. Ba shafukan kaɗai suka kawo kuɗin ba, amma ba su tare hanya tsakanin dabarar da mai saurare ba.

Dalilin wannan tsimi da kalmomi yana cikin yadda mutum yake saurare. Ba ya iya karanta wata magana yana jin wata a lokaci guda. Da zarar ka haska shafi cike da rubutu, idanun jama'a sun koma kan allo, kunnuwansu sun bar ka. Kuma ido ya fi baki sauri, don haka kafin ka kai layi na biyu sun gama na shida, sun zauna suna jira ka cim musu. Alamar tana bayyana a fili. Za ka ga an ɗauko waya ana latsawa, ko a jefo maka tambaya a kan abin da ke ƙasan shafi alhali kana bayanin na sama. Idan kai ma ka juya wa mutane baya kana karanto allo, to shafin ne ke jan ragamar taron.

Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki da Apple kafin ya shiga harkar zuba jari, ya ba da wata ƙa'ida da ta yi suna a 2005: shafi 10, minti 20, kuma kada girman harafi ya gaza 30. Mutane sun fi riƙe goman nan, amma a ganina talatin ɗin ce ke yin aikin. Ka buɗe PowerPoint ko Google Slides ka sa girman rubutu a 30, za ka ga layuka ƙalilan shafin zai ɗauka. Daga nan dole ka zaɓi abin da ya fi muhimmanci, domin babu wurin ɓoye sauran. Minti ashirin kuwa don a bar ragowar sa'ar ga tambayoyi ne, kuma a wurin tambayoyin ake ƙulla yarda.

Bari mu gwada da misali na ƙaddarawa. A ce wata matashiya tana da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, tana ba masu sayar da tumatir hayar wuri. Shafinta na shida taken sa kalma ɗaya ce, "Ci gaba", ƙarƙashinsa layi bakwai: yawan abokan ciniki, kuɗin shiga, sabon ɗakin da ta buɗe, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan kasuwa, kyautar da ta ci a wata gasa, ma'aikatan da ta ɗauka, da shirin baɗi. Duka gaskiya ne, duka kuma ta sha wahalarsu, shi ya sa cire ko da ɗaya yake mata ciwo.

Gyaran yana farawa da tambaya: idan mai jari zai fita da abu ɗaya tak daga wannan shafi, wanne ne? A ce amsar ita ce masu haya sun tashi daga 40 a Janairu zuwa 160 a Yuni. To wannan shi ne take, kuma a rubuta shi cikakkiyar jimla: "Masu haya sun ninka sau huɗu cikin wata shida." Kalma irin "Ci gaba" ba ta faɗi komai ba, sunan akwati ce kawai, sai an buɗe a san abin da ke ciki. Ƙarƙashin taken a sa zane ɗaya, sanduna shida, kowace da watanta da adadinta a rubuce ɓaro-ɓaro. Kada a haɗa kuɗin shiga a zanen nan, domin ma'auni biyu a zane ɗaya yana sa mai kallo ya tsaya warwara. Kuɗin shiga ya samu nasa shafin. Ma'aikata su koma shafin da ke gabatar da masu tafiyar da kamfani, shirin baɗi ya koma inda za a faɗi nawa ake nema da abin da za a yi da shi. Yarjejeniyar a faɗe ta da baki. Kyautar gasa kuwa, in ba babba ba ce, a bar ta a gida.

Shafi ɗaya ya zama biyu ke nan, kuma wannan ba aibu ba ne ko da adadin ya ɗara goma. Shafuka biyu da kowanne ake ganewa da kallo ɗaya sun fi saurin wucewa a kan guda ɗaya da za a yi minti huɗu a kansa.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, ka kwafe taken shafukan kaɗai a takarda, ka karanta su a jere. Idan sun ba da labarin kasuwancin daga matsala zuwa kuɗin da ake nema ba tare da taimakon komai ba, tsarin ya tsaya. Inda labarin ya yi tsalle, akwai shafin da ya ɓata. Inda take biyu suka faɗi abu ɗaya, ɗaya ya fita. Na biyu, ka nuna wa wanda bai san sana'ar ba shafi na daƙiƙa biyar, ka rufe, ka ce ya faɗi abin da ya gani. In ya faɗi wani abu dabam da nufinka, laifin shafin ne.

Ƙa'idar tana da iyaka, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Sau da yawa mai jari zai ce a fara turo masa ta imel kafin ya ba da lokacin zama. A nan babu kai, babu muryarka. Shafin da ke ɗauke da hoto da lamba ɗaya kawai zai zame masa kacici-kacici. Saboda haka a yi kwafi biyu. Na turawa ya riƙe take iri ɗaya da magana ɗaya a kowane shafi, a ƙara masa jimla ɗaya ko biyu na bayani, da inda aka samo kowane adadi, a kuma tura shi a PDF don kada tsarin ya wargaje. A buɗe shi a waya a duba kafin a aika, domin mai yiwuwa a nan za a fara karanta shi. Dogayen lissafin kuɗi da takardun yarjejeniya a ajiye su a shafukan rataye a ƙarshe, a buɗo su sai an tambaya.