Tsarabar Sallah ga yaro mai raunin ji

A nan Al-Oud, idan Sallah ta matso, wasu iyaye kan sayo wa yaro mai raunin ji abin wasa mafi ƙara, wai ko zai ji. Jama'a, mu yi hattara. Yaron yakan manna shi a kunne, ƙarar kuma tana iya lalata ɗan jin da ya rage masa.

Gara mu ba shi ƙaramar ganga. Idan ya dafa fatarta, zai ji bugun a tafin hannunsa. Mu zauna gabansa cikin haske yadda zai ga fuskarmu, mu buga sau uku, mu jira ya maimaita.

Abin wasa mai ƙaramin batir kuwa, mu tabbatar murfinsa ba ya buɗuwa da hannu. Idan yaro ya haɗiye batir, a kira 997 nan take, domin yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2.