Wasiƙar ƙarin farashi: abin da tsohon kwastoma yake nema a cikinta

Bursan makarantar kwana da ke karɓar burodi 300 kullum yana da tambayoyi uku idan gidan burodi ya ƙara kuɗi: nawa aka ƙara, daga yaushe, kuma me ya jawo. Yawancin wasiƙun imel da 'yan kasuwarmu suke turawa ba sa amsa ko ɗaya da kyau. Sai a cika sakin layi biyu da gaisuwa da koke kan halin da ƙasa take ciki, a ƙarshe a ce «za a samu ɗan canji a farashinmu». Bursa ba zai iya shiga ofishin shugaban makaranta da ɗan canji ba. Lamba yake so, da rana.

Tsohon kwastoma ya san kaya suna tashi, don shi ma kasuwa yake zuwa. Yana nan a ranar 29 ga Mayu 2023 lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ya ga yadda dala ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, ya kuma ji ƙarin kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun shekarar. Saboda haka maimaita masa wannan tarihi ɓata masa lokaci ne. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a zo masa ba zato, ya ga sabon farashi a jikin rasit bayan ya riga ya yi kasafinsa, ko ya ji labarin a bakin direban da ya kawo kaya.

Kafin a taɓa kwamfuta, a fara zama da biro da takarda. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin bi. Gidan burodi yana sayar wa 'yan sari da makarantu da otal-otal ƙwaya ɗaya mai giram 800 a kan naira 1,000, shi kuma tana cin masa 850. A ce buhun fulawa mai kilo 50 yana fitar masa da burodi 100, kuma buhun ya tashi daga 55,000 zuwa 65,000. Ƙarin 10,000 ke nan a raba gida 100, wato naira 100 a kan kowace ƙwaya. Sukari da bota da man janareta da leda suka ƙara wata 40. Yanzu ƙwayar tana cin masa 990, ribarsa ta faɗo daga 150 zuwa 10.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ke kore musu kwastoma. Fulawa ta tashi da kashi 18 cikin 100, sai mai burodi ya ce to shi ma ya ƙara kashi 18, ya mai da ƙwaya 1,180, ko ma ya cike ta 1,200 don lissafi ya yi sauƙi. Amma fulawa kaɗan ta ɗara rabin kuɗin burodin, ba ita ce duka ba. Bursa kuwa yana da ɗan'uwa ko maƙwabci a kasuwar Singa, waya ɗaya zai buga ya ji kuɗin buhu, ya yi nasa lissafin. Idan ya gano an fake da fulawa an ƙara riba, ba zai ce komai ba, zai dai fara tambayar farashin wasu gidajen. Ainihin abin da ya ƙaru 140 ne. Mai burodinmu ya yanke shawarar ɗora 120 a kan kwastoma, ya haɗiye 20, sabon farashi ya zama 1,120. Wannan naira 20 da ya haɗiye ta fi shafi guda na ban-haƙuri amfani a cikin wasiƙa, muddin da gaske ya haɗiye ta.

Sai maganar rana, wadda a ganina ita ce ta fi komai nauyi. Naira 120 ba ta da yawa a ido, amma ga makarantar nan 36,000 ce kullum, sama da miliyan ɗaya a wata. Makaranta tana yanka kuɗin abinci ne a farkon zango, ba za ta koma wa iyaye a tsakiyarsa ba. Mai kanti yana bukatar ya sayar da abin da ke hannunsa, ya sanar da masu shayin da suke ɗauka a wurinsa. Otal kuma sai ya sake buga takardar farashin abincinsa. Duk waɗannan lokaci suke so. Mako biyu daidai ne ga mai saye kullum, wanda kuma aka yi yarjejeniyar zango ko ta wata da shi sai a jira ta ƙare, ko a zauna a yi magana. Wa'adin ba kyauta yake zuwa ba. A misalinmu mai burodi zai yi kwana 14 yana cin ribar naira 10 kacal, kuma zai iya jurewa ne don bai kai ga faɗuwa ba. Wanda ya yi ta jinkiri har uwar kuɗi ta fara zaizayewa ba shi da wannan dama, dole ya ce daga gobe, kuma daga goben nan ce take jawo rigima. Tsoron faɗa wa kwastoma da wuri shi ne yake haifar da wasiƙar da ta fi zafi.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance. A gurbin Subject a rubuta abin da ke ciki ƙarara: «Sabon farashin burodi daga 1 ga Maris». Take irin «Sanarwa mai muhimmanci» ko «Gaisuwa» yana sa a bar saƙon sai an samu sarari, ranar kuma ta zo ba a buɗe ba.

«Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan ana lafiya, ya ɗalibai?

Muna sanar da ku cewa daga ranar 1 ga Maris babban burodinmu mai giram 800 zai koma naira 1,120 maimakon 1,000. Nauyinsa da haɗinsa suna nan yadda kuka sani.

Dalili shi ne buhun fulawa da muke ɗauka 55,000 ya koma 65,000, ga sukari da man janareta su ma sun motsa. Da muka lissafa, kowace ƙwaya ta ƙaru da naira 140. Mun ɗauki 20, muka ɗora 120.

Duk odar da aka riga aka ba mu, da duk wadda za a kawo muku kafin wannan rana, tana kan tsohon farashi. Idan kuna so mu zauna a kan abin da ya rage na wannan zango, ku kira ni kai tsaye, zan zo da kaina.

Mun gode da shekarun da muka yi muna hulɗa. Allah ya bar zumunci.»

Gaisuwa tana nan, don ba a shiga wa dattijo da magana ba sallama, amma layi ɗaya ta ci, lambar kuma ta fito tun a jimla ta gaba. Tsohon farashi da sabo suna kusa da juna a naira, ba a bar mutum da kashi cikin ɗari yana neman kalkuleta ba. Idan kayan suna da yawa, a haɗa cikakken jerin farashi a PDF, amma manyan biyu ko ukun da wannan kwastoma yake ɗauka su fito a jikin saƙon, domin galibi a waya ake karantawa, kuma ba kowa ne yake buɗe abin da aka liƙa ba.

Za a lura ba a ce «ku yi haƙuri» sau biyar ba. Yawan ban-haƙuri a harkar ciniki yana nuna wa ɗaya ɓangaren cewa farashin bai zauna ba, akwai wurin taya. Ba a kuma ce «wannan ne ƙari na ƙarshe» ba, tunda alkamar da ake niƙawa mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, mai burodi ba shi da iko da kuɗinta. Haka nan duk dalilin da aka rubuta ya zama bashi a wuyan mai shi. Wanda ya ce fulawa ce ta sa ya ƙara, ranar da buhu ya sauko za a turo masa wasiƙarsa a tambaye shi labari. Idan bai shirya saukowa ba a lokacin, gara tun yanzu ya faɗi gaskiyar abin da ya ƙaru, har da albashin ma'aikata da hayar wuri, waɗanda ba sa komawa baya.

Jimlar da ta ce nauyi yana nan ita ma alkawari ce. Wasu suna gudun wasiƙa gaba ɗaya, su bar farashi a 1,000 su rage ƙullin zuwa giram 700. Mai shayi da yake yanka burodi kullum zai gane tun a ranar farko, don yankan da ya saba samu ba zai cika ba. Idan ana so a yi ƙarami mai arha, a yi shi a fili, a ba shi nasa farashin, kwastoma ya zaɓa.

Wajen turawa akwai ɓarnar da minti ɗaya take yi. Kada a zuba adireshin kwastomomi duka a gurbin To ko Cc, inda kowa zai ga kowa. Mutum ɗaya ya danna Reply all ya ce shi a 950 ake ba shi, shi ke nan asirin rangwamen kowa ya tonu. A sa su a Bcc, ko kuma, wanda ya fi, a tura wa kowa tasa da sunansa da farashinsa. Manyan kwastomomi kuwa, biyar ko goman da suke ɗauke rabin kayan, bai kamata su fara ji ta imel ba. A kira Alhaji ko Hajiya a waya, ko a taka a je, sannan wasiƙa ta biyo baya a matsayin shaida a rubuce wadda akawu zai ajiye a fayil. A ranar kuma a sanar da direbobi da mai karɓar kuɗi, kada kwastoma ya tambaya a ce masa ba a sani ba.

Bayan an tura, wanda ya kira yana faɗa ba shi ne abin damuwa ba, don mai faɗa yana son ya zauna ne. Idan ya nemi ragi, a ba shi wani abu da yake da madogara, kamar ragin naira 20 ga mai biya nan take ko mai zuwa ya ɗauka da motarsa, kuma duk wanda ya cika sharaɗin ya samu. Wanda za a sa wa ido shi ne wanda ya yi shiru. A duba littafin oda bayan mako biyu da fara sabon farashi. Kantin da ya saba ɗaukar 60 ya koma 50 wataƙila masu sayensa ne suka ja baya. Wanda ya koma 30 daidai, ya raba odarsa ne da wani gidan yana gwadawa, kuma a makon nan ya kamata a je masa, kafin ɗaya gidan ya fara ba shi kaya bashi.