Kaya ɗaya, kuɗi uku: yadda ake yanka farashi a Jimeta ba tare da canji ya cinye riba ba

Mai sayar da kaya ta intanet a Abuja naira kaɗai yake lissafi da ita. Takwaransa na Yola da Jimeta kuwa yakan yi hulɗa da kuɗi iri uku a yini guda. Akwai naira ta masu saye na cikin gida. Akwai sefa ta mutanen Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, waɗanda kogin Binuwai da harshen Fulfulde da auratayya suka haɗa su da Adamawa tun kafin a shata iyaka. Sannan akwai dalar Amurka ta 'yan uwa mazauna ƙetare da ke aiko da saƙo ta WhatsApp ko Instagram suna neman humra da turaren wuta.

Tun daga 14 ga Yuni, 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, rubuta farashi uku a kan kaya ɗaya ya zama aiki mai haɗari. Kafin ranar, dala tana kusan naira 460 a hukumance. Kasafin kuɗin tarayya na 2024 an gina shi a kan naira 800, na 2025 kuma a kan naira 1,500. Idan lissafin gwamnati ya yi irin wannan tsalle cikin shekara guda, to na mai shago a Kasuwar Zamani ta Jimeta ya fi buƙatar kariya. Kariyar kuwa abu biyu ce: rarar da ake ɗorawa domin ta shanye motsin canji, da yadda ake cike adadi ya zama dunƙulalle.

Canjin da ya kamata a yi lissafi da shi

A ɗauki misalin wata mai haɗa humra da turaren wuta a Jimeta. Alkaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su ne domin sauƙin lissafi. Saiti ɗaya yana cin mata naira 21,000 har da kwalabe da kwali, tana sayar da shi naira 30,000. Wannan naira 30,000 ita ce tushe. Duk farashin da za ta rubuta da sefa ko dala, aikinsa ɗaya ne: ya dawo mata da wannan adadi bayan an canza shi.

Ɗan canji yana da farashi biyu. A ce yana sayen sefa 1,000 a kan naira 2,500, yana sayar da ita a kan 2,600. Mai turare sefa take karɓa, saboda haka ita mai sayarwa ce, kuma 2,500 ne nata. Idan aka raba naira 30,000 da wannan canji, za a sami sefa 12,000. Wadda ta yi lissafi da 2,600, domin shi ta ji ana faɗa a kasuwa, za ta rubuta sefa 11,538. Ranar da ta kai wa ɗan canji kuɗin, naira 28,845 za ta karɓa. Ta yi asarar fiye da naira dubu ɗaya alhali canjin bai motsa ko kaɗan ba.

Akwai kuma abin da ya bambanta sefa da dala. Tun daga watan Janairun 1999 an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957 ga kowace yuro ɗaya. Ke nan sefa ba dala take bi ba. Idan yuro ta yi rauni a gaban dala, sefa za ta faɗi a Jimeta ko da farashin dala bai sauya ba. Wanda ke duba dala kawai kowace safiya yana iya kwana uku bai gane farashinsa na sefa ya lalace ba.

Rarar canji ba riba ba ce

Bayan canji sai kuɗin aikawa da na cirewa. A ce suna cin kashi 2 cikin ɗari. Ba ƙarawa ake yi a kan farashin ba, rabawa ake yi da 0.98, domin daga abin da mai saye ya biya ake yanke su. Sefa 12,000 ta koma 12,245.

Daga nan sai rarar canji. Girmanta ya dogara ne da tsawon lokacin da kuɗin zai yi a fili, wato daga sa'ar da aka faɗi farashi zuwa sa'ar da naira ta shiga hannu. Mai saye a Garwa na iya ɗaukar kwana biyu kafin ya biya ta Orange Money ko MTN Mobile Money, wakilin da ya karɓa ya ƙara kwana uku kafin ya tara ya canza. Hanyar auna rarar ita ce a riƙa rubuta canjin kowace rana a littafi, sannan a duba watanni uku da suka wuce, a nemo faɗuwa mafi muni da aka yi cikin kwana biyar a jere. Idan ta kai kashi 5 cikin ɗari, sai a raba da 0.95. Farashin ya zama sefa 12,889.

Wannan ƙarin ba riba ba ne, kuma kuskure ne a kashe shi kamar riba. A makon da canji ya tsaya cik, rarar takan saura a hannu. A makon da ya juya, ita ce ke cike giɓi. Wadda ta haɗe su wuri guda takan ɗauka kasuwa ta yi kyau, har sai ta je sayen kayan haɗi ta tarar kuɗin bai kai ba.

Cike adadi: sama, sau ɗaya, a ƙarshe

Babu mai rubuta sefa 12,889 a kan hoton kaya. Takardun sefa na bankin BEAC suna farawa ne daga 500, sai 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000, don haka adadin da ya faɗa a kan 500 ya fi sauƙin biya da ba da canji. Zaɓi biyu ne a gabanta: 13,000 ko 12,500.

Idan ta zaɓi 13,000, bayan cire kashi 2 za ta sami 12,740. Wannan zai ci gaba da ba ta naira 30,000 har sai canjin ya sauko zuwa 2,355. Idan ta zaɓi 12,500 domin ya fi daɗin ji, abin da zai rage 12,250 ne, kuma da zarar canjin ya gaza 2,449 ta fara cin ribarta. Sefa 500 kacal ta mayar da kariyar kusan kashi 6 zuwa kashi 2. Wannan ne ya sa ake cikewa zuwa sama. Ga mai amfani da Excel, idan A2 farashin naira ne, B2 naira nawa ce sefa ɗaya, C2 kuɗin aikawa, D2 kuma rara, layi ɗaya ya isa:

```
=CEILING(A2/B2/(1-C2)/(1-D2),500)
```

Sai dai matakin 500 bai dace da ƙananan kaya ba. Kwalbar humra ta naira 2,000, da irin wannan lissafi, za ta kama sefa 859. Cike ta zuwa 1,000 ƙarin kashi 16 ne, kuma mai saye zai gane. A nan 900 ya fi dacewa. Haka kuma idan mutum ya sayi kwalba goma, jimillar ake cikewa, ba ɗai-ɗai ba: 8,593 ta koma 8,600, maimakon 10,000.

A ɓangaren dala, idan ana saye a kan naira 1,500, saitin dala 20 ne. Da kuɗin aikawa na kashi 4 da rarar kashi 5 ya zama 21.93, a cike shi 22. Akwai tarkon harshe ga mai ciniki da mutanen Maraɗi ko Damagaram: a Hausar Nijar, dala na nufin sefa biyar, jika kuma sefa dubu. Rubuta alamar kuɗin da lambobi yana kashe gardama tun ba ta taso ba.

Inda rara take ƙarewa

Masu karɓar kuɗin waje ba faɗuwar naira ce ke fara cutar da su ba, farfaɗowarta ce. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko kusa da 1,100. Dala 22 bayan cire kashi 4 ta zama 21.12. A kan 1,100, wannan naira 23,232 ce, wato ribar naira 9,000 ta koma 2,232. Babu rarar kashi 5 da za ta tare irin wannan. Maganinsa shi ne a taƙaita rayuwar farashi, a rubuta cewa na sa'o'i 48 ne, a kuma ajiye lambar gargaɗi. A misalin sefa, idan canji ya sauko kusa da 2,430, rabin kariyar ya tafi, lokacin sake lissafi ya yi.

Rara mai kauri ma tana da nata lahani. Mai saye a Garwa da ke da ɗan uwa a Jimeta ya san sefa 12,000 za ta sayo masa naira 30,000. Zai haƙura da bambancin sefa 1,000 saboda sauƙi, amma ba zai haƙura da 3,000 ba. Idan masu saye na Kamaru suka fara neman lambar asusun naira, alama ce rarar ta wuce kima.

Sai iyakar doka. Sashe na 20 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tabbatar da naira a matsayin kuɗin biya a cikin ƙasa. Bankin ya yi gargaɗi a 2015 kan sanya wa kayan cikin gida farashi da kuɗin waje, hukumar EFCC kuma ta kafa runduna ta musamman kan wannan a Fabrairun 2024. Farashin sefa da na dala na wanda ke wajen Najeriya ne. Mai saye a Abuja ko Mubi, naira za a faɗa masa.

Wannan lissafi yana da amfani ga ma'aikacin da ke saye da albashin naira. A cikin naira 21,000 da saitin ya ci, a ce 12,000 ce ta man turare da itacen sandal da ake shigowa da su da dala, saura kuma aikin hannu ne da kayan gida. Idan dala ta tashi da kashi 10, daga 1,500 zuwa 1,650, kuɗin waɗannan kaya zai koma 13,200. Ƙarin naira 1,200 ne, wato kashi 4 na farashin sayarwa. Saitin ya cancanci komawa naira 31,200, ko 31,500 idan an cike. Wanda ya mayar da shi 33,000 da hujjar cewa dala ta tashi da kashi 10, ya ɗora canjin har a kan kwali da ladan aiki da ribar da ba su taɓa barin Jimeta ba.